Sai Mabiyiya Ta Faɗi Nono Ke Kawowa

A gidan da aka yi haihuwa, da zarar an gama barka da arziki, tambayar da ke biyo baya ita ce: "Nono ya kawo kuwa?" A ranar farko amsar takan zama a'a. Rana ta biyu ma haka. Mai jego ta matsa ta ga ɗan ɗigo rawaya mai kauri, jariri ya kama ya saki ya tsala kuka, hankalin kowa ya tashi. Wata ta ce a jiƙa dabino, wata ta ce a aika kanti a sayo madarar gwangwani, wata kuma ta ce ai jinin gidansu ne, uwarta ma ba ta da ruwan nono. Can cikin dare na biyu ko safiyar rana ta uku, sai mai jego ta farka ta ji ƙirjinta ya yi nauyi, ya ɗau ɗumi, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf.

Wannan jinkiri na kwana biyu zuwa uku yana da dalili, kuma dalilin yana cikin abin nan da ungozoma ta naɗe aka kai bayan ɗaki aka binne, wato mabiyiya. Mun saba ɗaukarta a matsayin abin da ke biyo jariri kawai, kamar yadda sunanta ya nuna. Alhali ita ce ta yi wata tara tana juya jikin uwa, ita ta shirya nono, kuma ita ce ta hana shi zuba har sai ta bar jiki.

Da jini take aika saƙonninta. Jikin ɗan Adam yana da wasu sinadarai da likitoci ke kira homon, waɗanda wata gaɓa ke zubawa a jini don su kai umarni ga wata gaɓar da ke nesa. Tun kusan mako guda bayan ƙwai ya haɗu da maniyyi, lokacin da ɗan tayin ke maƙalewa a bangon mahaifa, ɓangaren da zai zama mabiyiya yake fara fitar da homon na farko. Shi ne wanda ake rubuta HCG a jikin kwalin tsinken gwajin ciki, kuma shi ke sa layi na biyu ya fito idan an tsoma tsinken a fitsari. Aikinsa shi ne ya umarci ma'ajiyar ƙwai ta ci gaba da fitar da wani homon mai suna furojestaron, don kada jinin al'ada ya zo ya wanke abin da aka dasa. Yakan kai ƙololuwa wajen mako na goma, daidai lokacin da laulayi ya fi tsanani ga mata da yawa. Kafin nan mabiyiya ta yi ƙarfin da za ta karɓi aikin da kanta, ta riƙa yin furojestaron ɗin ba tare da taimakon ma'ajiyar ƙwai ba.

Idan ciki ya isa haihuwa, mabiyiya takan kai nauyin rabin kilo, faɗinta kamar na faifai madaidaici. Gefe ɗaya tana manne da mahaifa, gefe ɗaya igiyar cibiya ta fito daga jikinta. A kowane minti ɗaya, jinin uwa da ya kai cikin ledar fiyawata guda, ko ma fiye, yana ratsa wurin. Amma jinin uwa da na ɗa ba sa gauraya. Akwai wani siririn shamaki a tsakani, ta nan iska mai kyau da sukari da sauran abinci ke tsallakawa zuwa ga ɗa, dattin jikinsa kuma ya tsallako zuwa ga uwa. Ta nan ne garkuwar jikin uwa ke shiga jikin ɗa a watannin ƙarshe, shi ya sa allurar tetanos da ake yi wa mai ciki a wurin awo take kare jaririn da ba a haifa ba tukuna. Shamakin ba ya tare komai da komai. Hayaƙin taba da magunguna da dama suna wucewa, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuwa taruwa take yi a cikin mabiyiyar ta rage abincin da ke isa ga ɗa, a haife shi ɗan ƙarami. Dalilin ba masu ciki Fansida ke nan a wurin awo bayan wata uku na farko, ko da ba su jin zazzaɓi.

Mu koma ga nono. A cikin maman mace akwai dubban 'yan jakunkuna ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kowace da siririyar hanya da ke haɗuwa da wasu har su fito kan nono ta ƙofofi kamar tara. Kafin ciki yawancin waɗannan jakunkuna ba su gama samuwa ba. Mabiyiya ce ke sa a gina su: istirojin da take fitarwa yana tsawaita hanyoyin yana rassa su, furojestaron kuma yana yawaita jakunkunan. Shi ya sa mace kan ji mamanta ya yi tsami ya ƙara girma tun kafin ciki ya fito, baƙin kewayen kan nono ya ƙara duhu.

Homon ɗin da ke sa jakunkunan su yi ruwan nono shi ne furolaktin. Ba daga mabiyiya yake zuwa ba. Akwai wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, sunansa fituwitari, daga nan yake fitowa. Yawan istirojin na lokacin ciki yana sa ƙullutun nan ya ƙara girma, furolaktin a jini ya ninka kamar sau goma. Tun wajen wata na huɗu mama ya fara tara dakashi. To, idan an gama gina jakunkuna, furolaktin kuma ya cika jini, me ya hana mai ciki wata takwas ta riƙa zubar da nono?

Furojestaron ne ya hana. Muddin yana da yawa a jini, ƙwayoyin jakunkunan ba sa amsa kiran furolaktin sosai. Kamar injin niƙa ne da aka kafa, aka zuba mai, aka tara hatsi, amma mai shi ya riƙe makulli a aljihu. Haihuwar jariri kaɗai ba ta buɗe wannan makulli. Sai mabiyiya ta rabu da mahaifa ta fito, domin ita ce tushen furojestaron ɗin. Daga wannan lokaci ne agogo ke fara bugawa. Wanda ya rage a jini yana buƙatar lokaci kafin ya ƙare, su ma ƙwayoyin mama suna buƙatar lokaci kafin su kama aiki. Bayan kamar awa 30 zuwa 40 sukan fara yin sukarin nono da yawa, shi kuma sukarin yana jawo ruwa zuwa cikin jakunkunan, sai dakashi mai kauri ya fara sirkuwa, ya yi fari, ya yawaita. Uwa takan ji cikar a jikinta tsakanin kwana biyu zuwa uku. Ko da tiyata aka ciro ɗa, lissafin daga fitar mabiyiya yake farawa.

Wannan mataki ba ya jiran tsotso. Shi ya sa matar da Allah ya karɓi jaririnta wurin haihuwa ita ma nono ke kawo mata a rana ta uku, abin da ke ƙara mata ciwo a kan ciwo. Ya kamata masu jinyarta su san da zuwansa su gaya mata tun da wuri, su tanadar mata rigar mama mai kamawa da tsumma mai sanyi, kada abin ya zo mata bagatatan.

A kwanakin jiran, dakashi ne abincin jariri, kuma ya ishe shi. A ranar farko abin da yake samu a kowane kamu bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, cikinsa ma ba ya ɗaukar abin da ya fi haka da yawa. An haife shi da guzurin ruwa da kitse da za su riƙe shi. Dakashin cike yake da garkuwa da ke shafe hanjinsa ta tare ƙwayoyin cuta, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko, wanda daɗewarsa a ciki ke ƙara shawara. Raina yakan ɓaci idan na ji an matse shi an zubar wai dauɗa ne, aka ɗura wa jariri ruwan da ba a san tsabtarsa ba a madadinsa. Zuwa rana ta biyar uwa takan kai rabin lita a yini, bayan wata guda kuma kusan kashi uku cikin huɗu na lita.

Akwai lokacin da jira ke wuce ƙa'ida. Na ga irin wannan a kan wata 'yar'uwata da ta haihu a gida, haihuwarta ta biyu. Washegari aka kai yaron asibitin unguwa don rigakafi, aka auna shi kilo 3.2. Ta shayar da na farinta shekara ɗaya da rabi ba tare da matsala ba, don haka babu wanda ya damu da aka kwana uku shiru. Rana ta shida ta zo, mama na nan laushi kamar ba ta haihu ba, in an matsa ɗan rawayan nan ne dai ke fitowa. An dama kunu iri-iri, an sha, babu labari. Ana ta shirin suna, ita kuwa tana ta canza ƙunzugu, jinin ja wur da gudaji, mararta na murɗawa.

Da aka koma asibiti, malamar da ke duba jarirai ta ɗora yaron a sikeli: kilo 2.8. Ya rasa giram 400, wato kashi 12 da rabi cikin ɗari na nauyinsa. Kowane jariri yakan ragu a kwanakin farko, amma idan raguwar ta haura kashi goma cikin ɗari, alama ce ba ya samun abin da ya ishe shi. Ta tambayi sau nawa yake fitsari, aka ce sau biyu ko uku a yini, kashinsa kuma har yanzu da duhu. Sai ta juya ga gwaggon da ta karɓi haihuwar.

"Inna, da mabiyiya ta faɗo, kun duba ta kuwa? Ta fito cif, ko akwai inda ya gutsure?"

"Wallahi 'yar nan, ta daɗe ba ta faɗo ba, sai da muka ɗan ja. Dare ne kuma, babu wuta."

Aka tura ta hoton ciki, aka ga guntun mabiyiya manne a mahaifa. Aka yi mata wankin ciki, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. A tsakanin nan malamar ta sa a ci gaba da ɗora yaron a nono kowane awa biyu zuwa uku, bayan kowane kamu a ƙara masa madarar jarirai gwargwadon da ta auna, da ɗan kofi. Kwana biyu bayan wankin, mama ya cika tim.

Guntun da ya rage yana da rai, yana samun jini, yana ci gaba da fitar da furojestaron, don haka a wurin mama har yanzu ciki bai ƙare ba. Wata likita a Amurka, Marianne Neifert, ta bayyana mata uku masu irin wannan matsala a 1981, waɗanda nononsu bai kawo ba sai da aka cire abin da ya rage. Ba shi ne ya fi yawan jawo jinkiri ba. Haihuwar fari, doguwar naƙuda, tiyata, ciwon suga da ƙiba mai yawa duk sukan ja lokacin zuwa kwana huɗu ko biyar. Amma idan rashin nono ya haɗu da jinin da ya ƙi raguwa, ko wari, ko zazzaɓi, mabiyiya ce abin fara tuhuma.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan nauyi. Ƙullutun nan na ƙasan ƙwaƙwalwa da ya ƙara girma a lokacin ciki yana buƙatar jini sosai. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa har ta galabaita, jinin da ke isa gare shi kan yanke, wani ɓangarensa ya mutu. Wani likita mai suna Harold Sheehan ne ya bayyana wannan a Glasgow a 1937, ciwon ma sunansa ya ɗauka. Alamarsa ta farko sau da yawa ita ce nono bai kawo ba sam. Daga baya al'ada ta ƙi dawowa, kasala da jin sanyi su yi yawa, gashin hammata da na mara su zube. A wurarenmu da ake yawan haihuwa nesa da inda za a sami ƙarin jini, irin waɗannan mata suna nan, wasu sun yi shekaru ana cewa jego ne bai karɓe su ba. Gwajin jini yana gano shi, kuma akwai magungunan da ke maye gurbin homon ɗin da aka rasa.

Samuwar nono a cikin jakunkuna daban, fitowarsa daban. Duk wanda ya taɓa zuwa ruga da sassafe ya ga yadda ake tatsa. Sai an kwanto ɗan maraƙi ya kama hantsar uwarsa ya ɗan tsotsa, sannan a janye shi a ɗaure kusa da ita, mai tatsa ya durƙusa da ƙwarya. In babu maraƙin, saniyar takan riƙe nononta ko da hantsar a cike take. Makiyaya sun san wannan tun kafin a san sunan abin da ke jawo shi.

Sunansa oksitosin, shi ma daga ƙullutun ƙasan ƙwaƙwalwa yake fitowa. Kowace jaka a cikin mama tana da wasu ƙwayoyin tsoka da suka rungume ta kamar ragaya ta rungume ƙwarya. Idan jariri ya kama, jijiyoyin kan nono su kai labari ƙwaƙwalwa, oksitosin ya zubo cikin jini, cikin minti ɗaya ko biyu tsokokin su matse jakunkunan, nono ya taho. Wata uwar takan ji kamar tsikari ko zuƙa, wata ba ta jin komai. Abin da za a lura da shi shi ne jariri ya bar tsotso mai sauri ya koma ja a hankali yana haɗiya, ɗaya maman ya fara ɗiga, uwa ta ji ƙishirwa ta taso mata. Wannan yakan maimaitu sau da dama a kamu ɗaya. Shi ne kuma homon ɗin da ke matse mahaifa, wanda ake yi wa mace allurarsa a cinya bayan haihuwa don tsai da jini. Ciwon marar da mai jego ke ji idan tana shayarwa a kwanakin farko aikinsa ne, mahaifa ce ke komawa mazauninta.

Bambancin oksitosin da furolaktin shi ne oksitosin yana jin abin da zuciya ke ciki. Kukan jariri daga wani ɗaki, ko tunaninsa kawai a kasuwa, ya isa ya sa nono zuba. Tsoro da zafin ciwo da kunya kuma sukan tare shi. A 1948 wasu masu bincike a Amurka, Niles Newton da mijinta Michael, sun gwada wannan. Suka riƙa auna jariri kafin ya sha da bayan ya sha, wasu ranakun kuma su dami uwar tana cikin shayarwa, misali a tsoma ƙafafunta cikin ruwan ƙanƙara. A ranakun damuwar abin da jaririn ya samu ya ragu ƙwarai, amma da aka yi mata allurar oksitosin sai ya koma daidai. Nonon yana nan, hanyar fitarsa ce ta rufe.

Wannan ya sa nake tausayin yarinyar da ta yi haihuwar fari. Ga ɗinki yana mata zafi, ga ɗaki cike da 'yan barka, ga kunyar ɗan fari da ta hana ta ko kallonsa a gaban surukai, kowa kuma na faɗin albarkacin bakinsa a kan nononta. A haka ake so ya zubo. Sau da yawa abin da take buƙata bai wuce a rage mata jama'a, a sakaya labule, a ba ta maganin ciwo, a kwantar mata da ɗanta a ƙirji fata da fata ba.

Bayan makon farko, ragamar takan koma hannun jariri. Kowane tsotso yana ɗaga furolaktin, ya kai ƙololuwa bayan kamar rabin awa, kuma ya fi tashi da dare, wato abincin gaba yake shiryawa. Shi kansa maman yana da ma'auninsa: idan ya cika ya zauna, sai ya rage aiki, idan aka kwashe, sai ya ƙara sauri. Don haka uwar da ke "tara" nono don ya yi yawa rage shi take yi, kuma duk kwalbar madara ko ruwa da ta maye gurbin kamu ɗaya saƙo ce ga mama cewa ba a buƙatarsa. Kunu da romo suna ƙara wa mai jego ƙarfi, ta sha abinta, amma ba su kai yawan kamu tasiri ba, sau takwas zuwa goma sha biyu a dare da rana, jariri ya buɗe baki sosai ya haɗa da baƙin kewayen, ba kan nono kaɗai ba. Laushin da mama ke yi bayan 'yan makonni ba ƙafewa ba ne, daidaituwa ce da buƙatar ɗa. Mai shirin shan ƙwayar tazarar haihuwa kuma ta gaya wa malaman asibiti tana shayarwa, domin mai ɗauke da istirojin tana iya rage nono.

Hanyar sanin ko jariri na ƙoshi tana cikin tsummansa. Daga rana ta biyar ya kamata ya jiƙa shi da fitsari mai haske aƙalla sau shida a yini, kashinsa ya juye daga baƙi zuwa rawaya, zuwa mako biyu kuma ya dawo nauyin da aka haife shi da shi.

Roƙona ga ungozomomi da iyayenmu mata masu karɓar haihuwa: kada a ja igiyar cibiya da ƙarfi, kuma kafin a binne mabiyiya a shimfiɗa ta a wuri mai haske a duba ko ta cika. Idan an kwana huɗu mama bai cika ba, ko jini ya ƙi raguwa, ko jariri ya rage fitsari yana ta barci ba ya kamawa, a kai uwa da ɗa asibiti a ranar, kada a ce sai an yi suna.